Ajiyar wake: ana cin riba ko faɗuwa tun ranar ɗaure bakin buhu

Da kaka ta yi, duk wanda Allah ya hore wa 'yan kuɗi sai ka ji yana maganar ajiya. Ma'aikacin gwamnati, malamar makaranta, direban da ya tara na adashi, kowa lissafinsa ɗaya: a saya a Nuwamba lokacin da manomi ke neman kuɗin biki da na biyan bashin taki, a kulle a sito, a fito da shi idan damina ta kama an shiga watan bakwai. Ni ban ga laifin wannan sana'a ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake ba da labarinta kamar kuɗi ne ke haihuwa a cikin ɗaki mai shi yana barci. Hatsi abu ne mai rai, yana numfashi, yana shan danshi, kuma akwai masu cin sa da suka riga ka shiga buhun.

Zan tsaya a kan wake, domin shi ne ya fi jan hankalin masu ajiya, shi ne kuma ya fi saurin tona asirin wanda bai iya ba.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙwaron wake daga sito yake shiga. A'a, tun daga gona ake zuwa da shi. Macen tana ɗora ƙwai a kan kwanson wake tun kafin a roro, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ƙwayar ta shige ciki, a can take ci tana girma ba wanda ya gan ta. Cikin kamar mako uku zuwa huɗu idan ana zafi sai ƙwaro ya fito, ya bar rami a jikin ƙwayar, macen kuma ta sake zuba ƙwai da dama a kan waken da ke kusa da ita. Saboda haka buhun da ka saya fes a kasuwar ƙauye, ka damƙa ka duba ba ka ga huda ko ɗaya ba, yana iya zama da 'yan tsirarun tsutsa a ciki. Sanyin hunturu yana ɗan rage musu sauri, shi ya sa mai ajiya yake sakin jiki a Disamba da Janairu. Da zafin Maris ya shigo sai su yi ta ninkuwa. Wanda ya jira sai Mayu kafin ya leƙa sito zai tarar da gari a ƙasan buhu, da ɗumi idan ya cusa hannu, da wani wari da duk ɗan kasuwar Dawanau yake ganewa tun daga bakin ƙofa. Alamar farko kuwa ƙarama ce: ɗigo-ɗigon fari manne a jikin ƙwaya, waɗanda su ne ƙwan.

Kafin ƙwaro ma akwai danshi, kuma a ganina shi ya fi cin amana, don da kuɗinka kake sayen sa. Sabon wake da aka yi hanzarin kawowa kasuwa yakan fi araha saboda bai gama bushewa ba. Masana aikin gona suna cewa kada danshin ƙwaya ya wuce kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari idan za a daɗe ana ajiya. Wanda ba shi da na'urar awo yana da dabaru biyu. Ta farko ita ce haƙori: busasshen wake ƙaras yake fashewa, mai danshi kuwa lotsawa yake yi. Ta biyu ita ce kwalba da gishiri. A samu busasshiyar kwalba, a zuba wake da ɗan busasshen gishiri, a rufe, a girgiza sosai, a bar ta ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, waken yana buƙatar ƙarin shanya. Kwana biyu ko uku a rana a kan tamfol, ba a kan ƙasa ba, sannan a bar shi ya huce a inuwa kafin a zuba a buhu. Wanda ya ɗure wake da zafinsa, gumi zai yi a ciki, fumfuna ta biyo baya. A masara da gyaɗa abin ya fi muni, domin fumfunarsu tana iya haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Bari mu yi lissafi da misali. Kuɗaɗen nan na misali ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu. A ce mutum ya sayi buhu 20 a kan naira 70,000 kowanne, ya biya 1,400,000. Kuɗin mota da 'yan dako da dillali a ce 40,000, buhunan ajiya 60,000, hayar sito ta wata shida 30,000. Jarin ya zama 1,530,000. Idan waken ya zo da danshi kashi 16 ya shanya shi ya koma 12, ruwan da ya fita ya kusa kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa, wato buhu 20 sun koma kamar 19. Tun bai fara jira ba, sai buhu ya haura 80,500 kafin ya mayar da uwar kuɗi. Idan a Yuni buhu ya kai 95,000, zai karɓi 1,805,000, ribarsa 275,000. Riba ce mai kyau, amma wanda ya yi lissafin baki, ya ce 25,000 sau 20, rabin miliyan ya sa a ransa.

Yanzu a ɗauka ya yi rowar kuɗin buhun ajiya, ya bar waken a buhun da ya sayo shi. Ƙwaro ya shiga, aka tankaɗe aka sheƙe, buhu biyu suka tafi a gari da fanko. Cikin 19 ɗin da suka rage bayan shanya saura 17, su ma da huda, mai saye ya ce ba zai biya fiye da 76,000 ba. Kuɗin da zai shiga hannunsa 1,292,000 ne, a kan jarin 1,470,000. Kasuwa ta tashi kamar yadda ya yi hasashe, shi kuma ya faɗi da 178,000. Wannan ita ce asarar da ba a cika ba da labarinta a majalisa ba, domin kowa ribarsa yake faɗi.

A nan ne nake ganin ba mu da sauran uzuri. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, an fara yaɗa shi sosai a ƙasashenmu tun 2007, kuma a Kano ma ana ƙera shi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ba magani a cikinsa ko kaɗan. Ƙwarin da kansu suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Amma sai an bi ƙa'ida. A hura iska a kowace leda a duba ko tana da huda. A matse iskar da ke saman waken, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Masu ɗaure ukun a haɗe da igiya ɗaya su ne suke dawowa suna cewa buhun ƙarya ne. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, domin siminti yana tsattsafo da laima da damina. Kuma a yi maganin ɓera, don huda ɗaya ta haƙorinsa ta isa ta mayar da shi buhu kamar kowane buhu. Jarka ko duro mai murfin da ke toshe iska su ma aikin da suke yi ke nan, muddin an cika su taf.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu yayyafa fiya-fiya a kan wake. Wannan maganin ba a yi shi don a zuba a kan abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dikolobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, da aka riƙa samu a jikinsa. Turawa sun rufe ƙofarsu, mu kuma muka ci gaba da yin ƙosai da alala da shi. Ƙwayar nan ta fostoksin, mai fitar da hayaƙin kashe ƙwari, tana da hurumi a ajiyar hatsi, amma hayaƙinta yana kashe mutum, don haka ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi, ba ta aiki sai a rufaffen wuri na kwanaki, kuma da hayaƙin ya fice ba ta hana sabon ƙwaro shiga.

To, ko an kiyaye duk wannan, akwai abin da buhu ba ya maganinsa, wato kasuwa. Waɗanda suka ga tsadar 2024 sun ɗauka haka za a yi ta tafiya, wasu har da cin bashi suka cika sito a kakar 2024. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, sannan a 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka a watannin da aka saba ganin yana hawa. Mutane da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Shi ya sa nake ganin ajiya da kuɗin bashi ganganci ne, kuma wanda ya ga ribar da ta gamsar da shi a Afrilu ya fitar da rabi ya fi wanda ke jiran ƙololuwar farashin da ba wanda ya san ranarsa.

Na san masu cewa duk wannan ɓoye abinci ne. Ba su rasa hujja ba: akwai hadisi ingantacce da ya ce mai ɓoye kaya mai laifi ne, kuma a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa wannan zargi. Amma malamai da dama sun bambance wanda ya saya lokacin yalwa da wanda ya kwashe kasuwa lokacin ƙunci ya kulle don a ƙara matsuwa. Idan ba wanda ya saya a kaka, farashi zai faɗi ƙasa warwas, manomi ne zai kwana ciki, kuma da damina ba za a sami abin aunawa ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, ajiyar shekara bakwai ya tsara wa Masar, har ya ce a bar hatsin a zangarniyarsa, kamar yadda kakanninmu suke jera dammunan gero a rumbu. Inda nake tare da masu sukar shi ne a watan Agusta: mudu ya gagari talaka, sitonka a cike, kai kuma kana cewa a ƙara mako biyu. Sabon wake yana fara shigowa kasuwa a wajen Oktoba, kuma daga ranar da ya shigo, tsohon da ke hannunka sai ka roƙi dillali kafin ya taya.