Yankewar kira a hanyar Gusau da bustar kasuwa: hani kaɗai ba zai kawo sabis ba

Direbobin da ke bin hanyar Gusau zuwa Talata Mafara, ko ta Tsafe zuwa Funtuwa, sun haddace wuraren da kira ke yankewa, har wasunsu kan ce wa fasinja ya jira a fita daga kwari kafin ya kira gida. A cikin gari kuma akwai masu shagunan da sai sun fito bakin titi kafin na'urar POS ta cire kuɗi. Sau da yawa matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, wato ƙarfin sabis da ke isowa waya bai kai ba, kuma maganin da jama'a suka fi rugawa gare shi shi ne busta, na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa. Ra'ayina shi ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da gaskiya da ta hana mutane kafa wannan na'ura da kansu, amma hanin ba zai yi tasiri ba muddin ba a bai wa mai shago da matafiyi wata mafita ba.

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san abin da ke faruwa a hanya. Yayin da mutum ke magana a layin 2G, wanda har yanzu shi ke ɗaukar kira mai yawa a karkara, wayarsa tana auna ƙarfin turken sadarwar da take kai da na maƙwabtansa, tana aika rahoto kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, kuma rahoton kan ƙunshi maƙwabta har 6 mafiya ƙarfi. Idan cibiyar kamfani ta ga turke na gaba ya fi na yanzu ƙarfi da wani gwargwado, kuma fifikon ya ɗore na ɗan lokaci, sai ta nemi gurbi a can, ta umarci wayar ta koma. Wannan miƙa kira daga turke zuwa turke yana buƙatar abubuwa uku a lokaci guda. Dole sabis na turakun biyu ya haɗu a wani yanki na hanya, dole turke na gaba ya kasance cikin jerin maƙwabtan da injiniya ya rubuta wa na farko, sannan dole a samu gurbin da ba kowa a kansa.

A ɗauki mota mai gudun kilomita 100 a awa, wadda ke cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan yankin da sabis na turakun biyu ya haɗu ya kai kilomita guda, waya tana da fiye da rabin minti, kuma wannan ya ishe ta aunawa da karɓar umarni. Idan kuwa dutse ko kwana ya rage yankin zuwa mita 150, abin da ya rage daƙiƙa 5 ne kawai, kuma mai yiwuwa sabis na turken baya ya faɗi kafin umarnin komawa ya iso. A nan ne mai magana ke jin murya tana tsinkewa, sai shiru, sai kiran ya mutu, domin waya da turke suna da ƙidayar da suke yi, idan saƙonni suka ci gaba da ɓacewa sai su saki layin. Duwatsu irin na Kwatarkwashi suna tare sabis kamar yadda suke tare gani, shi ya sa tazarar da ta wadatar a fili ba ta wadatarwa a irin wannan ƙasa.

Akwai kuma yankewar da ke zuwa alhali sandunan sabis sun cika a fuskar waya, kuma ita ta fi rikita mutane. Sau da yawa dalilinta cunkoso ne. A tsarin 2G kowane zango guda na turke, wato mitar rediyon da yake watsa sabis a kanta, gurabe 8 gare shi, kuma ana ware wani daga ciki don saƙonnin gudanarwa, saboda haka turken da aka tsara don ƙaramin gari yakan cika maƙil ranar kasuwa. Motar da ta nufo Talata Mafara ranar Talata tana iya tarar da sabis mai ƙarfi, amma babu gurbin da za a miƙa kiranta. Haka nan idan dizal ya ƙare a turke guda, ko aka sace baturansa, ramin da ya bari yakan kai kilomitoci masu yawa, domin turakun karkara ba su kusa da juna. A jihar da kai man janareta cikin daji ke iya jawo asarar rai, wannan ba ƙaramin dalili ba ne, kuma adalci ne a faɗe shi a madadin kamfanoni. Sai dai kuma saboda wannan rashin tsaron ne kira a hanya ya fi muhimmanci a wurinmu, kuma duk wanda ya zauna a Zamfara lokacin da aka katse layukan waya a watan Satumba na 2021 ya san yadda rayuwa take idan babu shi.

Duk waɗannan dalilai babu wanda busta ke warkarwa. Na'urar ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta tarar take ƙara wa ƙarfi. Ba ta ƙara gurbi a turken da ya cika, ba ta gyara jerin maƙwabta, ba ta kuma tayar da turken da ya mutu. Inda take da ɗan amfani shi ne cikin gini, kuma can ne hujjar masu sayenta ta fi ƙarfi.

Ana auna ƙarfin sabis da dBm, kuma lambar tana zuwa da alamar ragi, saboda haka -75 ya fi -100 ƙarfi nesa ba kusa ba. Kowane faɗuwa na 10 yana nufin ƙarfin ya ragu sau goma. A yawancin wayoyin Android ana ganin lambar a saituna, ƙarƙashin bayanin sim, wasu kuma suna nuna ta idan aka danna *#*#4636#*#*. Mai shagon da ya auna -85 a bakin titi, ya shiga ciki ya ga -105, ya rasa 20, wato abin da ke iso masa kashi ɗaya ne cikin ɗari na abin da ke waje. Bulo da kankare mai rodi da rufin kwano da ƙofar ƙarfe su suka cinye sauran. Zango ma yana da tasiri, domin 900 MHz ya fi 1800 ko 2600 ratsa bango, shi ya sa wayar da aka tsayar a kan 2G kan yi kira a ɗakin da 4G ya gaza. Wannan awon ya kan raba gardama. Idan waje yana da ƙarfi ciki ne babu, matsalar ta gini ce. Idan har a saman rufi lambar ta kusa -105, matsalar ta turke ce, kuma duk kuɗin da aka kashe kan busta hayaniya kawai za su ƙara.

Illar bustar kasuwa tana cikin yadda aka gina ta. Tana da eriya a waje mai fuskantar turke, da akwatin ƙara ƙarfi, da eriya a ciki. Idan eriyoyin biyu suka yi kusa, ko babu bango mai kauri tsakaninsu, abin da ta ciki ta watsa sai ta waje ta sake ɗauka, a sake ƙara masa ƙarfi, kamar kukan da lasifika ke yi idan aka kusantar da makirfo gare ta. Bambancin shi ne wannan kukan ba a jin sa da kunne, turke ne ke jin sa. Na'urar kirki tana gane haka ta rage ƙarfinta ko ta kashe kanta, amma mai araha ba ta yi, kuma da yawansu suna ƙara ƙarfin zangon gaba ɗaya ne, na kowane kamfani. Wanda ya fi cutuwa shi ne mai waya da ke nesa, a gefen gari ko a kan hanya, wanda dama muryar wayarsa da ƙyar take isa turke. Da hayaniya ta ƙaru sai turke ya daina jin sa, kuma faɗin yankin da turken ke iya ɗaukar kira ya tsuke. Ta haka busta guda a tsakiyar kasuwa take iya rage yankin haɗuwar da matafiyi ke dogaro da shi a bakin gari. Alamarta sananniya ce ga injiniyoyi: sanduna cike a waya, kana jin wanda ka kira, shi kuwa ba ya jin ka.

Saboda haka sanarwar da NCC ta fitar a 2021, cewa kamfanonin sadarwa masu lasisi ne kaɗai ke da izinin kafa irin wannan na'ura, bisa Dokar Sadarwa ta 2003, tana da tushe a kimiyya. Inda nake ganin gazawa shi ne abin da ya biyo baya. Mai shagon da cinikinsa ya rataya a kan POS, idan ya kai kuka ba a zo ba, zai koma kasuwa ne, kuma ba na jin akwai jami'an da za su iya bin kowane rufi a Gusau da Ƙaura Namoda. Kamfanoni suna da na'urorin da aka tsara don zangonsu kaɗai, waɗanda suke iya lura da su daga ofis, suna da kuma ƙananan turaku na cikin gini. Abin da ya dace shi ne hukuma ta wajabta musu hanya bayyananniya, da farashi sananne da wa'adin amsa, ta yadda ƙungiyar 'yan kasuwa ko asibiti ko makaranta za su nemi a kafa musu. Kasuwa guda mai na'ura ɗaya da injiniya ya daidaita ta fi kasuwa mai busta ashirin da ke yi wa juna ihu. Inda akwai intanet na gida kuma, kira ta Wi-Fi yana kawar da matsalar bango gaba ɗaya, idan waya da kamfanin sun yarda da shi.

Game da hanyoyi, ƙididdigar yankewar kira da ake haɗawa ta jiha ko ta ƙasa baki ɗaya tana ɓoye ramukan, domin miliyoyin kiran da ke tafiya lafiya a cikin birni suna rufe 'yan ɗaruruwan da ke mutuwa a daji. Ya kamata a riƙa bin manyan hanyoyin Zamfara da motar awo, a wallafa sakamakon kilomita bayan kilomita, a kuma karkatar da Asusun Samar da Sadarwa ga Kowa, USPF, wanda dokar 2003 ta kafa don wuraren da kamfani ba ya ganin riba, zuwa cike waɗannan ramuka da turaku masu aiki da hasken rana, waɗanda ba su jiran tankar dizal kowane mako. Inda kamfani ɗaya kaɗai ke da turke a kan hanya, a ba layukan sauran damar hawa kansa. Gwamnatin jiha ma tana da nata rabon, na samar da fili da sassauta haraji da tsaron ma'aikatan gyara.

Mai waya kuma yana da rawar da ta fi sayen busta amfani. Ƙorafin "babu sabis a unguwarmu" ba ya ba injiniya abin kamawa. Wanda ya faɗi sunan ƙauyen da ke kusa, da lokacin da kiran ya yanke, da inda motar ta nufa, da lambar dBm da ya gani, ya nuna masa ko rami ne, ko cunkoso, ko maƙwabcin da aka manta a jeri, kuma na ƙarshen nan gyaransa ba ya buƙatar ko buhun siminti ɗaya. A fara kai ƙorafin ga kamfani a karɓi lambar shaida, idan ba a yi komai ba a kira 622, layin NCC na kyauta, a ba su wannan lambar.