Ina jiran saƙo, saƙo na jiran wa?

Wai don Allah wane irin wulaƙanci ne wannan? Ƙanwata ta sauya waya, ta turo saƙo ta WhatsApp tun asuba, na buɗe sai "Waiting for this message. This may take a while" ya zauna mini daram har la'asar! Na sayi data, na hau saman katanga neman sabis, ashe ba daga wajena ba ne: saƙon a kulle yake, kuma tunda ta sake saka manhajar, sai wayarta ta hau intanet kafin makullin ya iso, ita kuwa ta kashe data tana tattali! To kiran fa? Baba ya kira daga ƙauye, waya na gefen matashi ko tari ba ta yi ba, sai da na buɗe na tarar da jerin kiran da ya wuce ni, yana can yana cewa na fara girman kai. Dalili? Android 13 sai ka ba manhaja izinin sanarwa da hannunka, mai tattalin batir kuma ya shaƙe ta a bayan fage, ga "Do Not Disturb" da ke kunna kansa da dare. Haba jama'a, waya ce ko mai gadin da ke korar baƙi?