Na sayi mita 400, ashe 70 ne

Kun dai san ɗan Kawu, ba sai na faɗi suna ba. Ya ce mini filin marigayi babansa na bayan unguwar Ali Ɗan Sofo ya faɗo a rabonsa, ashirin a kan ashirin, miliyan ɗaya da rabi saboda zumunci. Ya nuna mini hotokofin akt da sesiyon, wato takardar mallakar filin, muka rubuta takardar ciniki, shaidu biyu abokansa, na ƙirga kuɗi. Ko sunan da ke jikin takardar ban karanta ba. Tambari na gani, raina ya kwanta.

Ranar Asabar na kawo yashi mota guda da bulo 500. Ina tsaye da sabuwar shadda, hannu a baya, ina nuna wa magina inda ƙofa za ta kalla, sai ga Inna, matar marigayi, ta sauko daga adaidaita. Ba ta gaishe ni ba. Ta shimfiɗa ɗankwali a kan bulona ta zauna, ta kwance leda, ta zaro akt ɗin na asali.

"Ɗan nan, karanta mini sunan."

Na karanta. Sunan Kawu ne.

"Ƙara murya, magina ba su ji ba."

Na ƙara.

Nan ta yi mini lissafi a gaban jama'a. Ba a raba gado ba. Ita tana da tumuni, mita 50. Saura 350, tsakanin maza uku da mata huɗu, kaso goma ke nan, namiji biyu mace ɗaya. "Wanda ya sayar maka 70 gare shi, ita ma sai alƙali ya raba. Wa ya sa hannu cikinmu? A meri wa zai juya maka suna babu takardar gado?" Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, ya gajiya?" Wallahi har yau in na tuna sai na ji zufa.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai mai shayin kwanar nan ne. Sati uku ina shan shayinsa, ina ba shi labarin gidan da zan gina, har na ce ya riƙe canji. Yana dariya ya ce ai ni ne na uku, na biyu har rijiya ya fara tona. To me ya hana ka magana? Wai ban tambaya ba.

Da ma'auni ya zo da taswirar unguwa ya tono duwatsun iyaka, sai ga wata sabuwa: lambar ilo, wato rukunin filayen, daidai, amma harafin parsel, wato filin kansa, ba daidai ba. Na Kawu na gaba ne. Yashin nawa a filin wani soja na zuba.

Ɗan Kawu ya maido jika 300, wayarsa kuma kullum a kashe. Bulon na nan, awaki na hawa. In akwai mai so, ya yi magana.