Ka ce ka ci riba, to nawa ka saya?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tarar da wasu samari biyu na unguwarmu sun cakumi wuyan juna a gaban shagon mai cajin waya. Ɗaya ya ba ɗaya jari ya juya masa a kasuwar kirifto, da sharaɗin za a raba riba biyu. Yanzu an zo rabo, mai jari ya ce riba ta haura dubu ɗari uku, mai juyawa ya rantse ko rabin haka ba ta kai ba. Da dattawa suka ce a kawo lissafi, sai mai juyawa ya zaro waya yana ta goga yatsa yana neman tsofaffin alat na banki. Bai san ranar da ya saya ba, bai san a nawa ya saya ba, amma ya san ya rantse da Allah. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin yaron ba ɓarawo ba ne. Rubutu ne kawai bai yi ba, kuma rashin rubutun nan ya sa ko shi kansa bai san ko gaskiya yake faɗa ba.

Ƙannena, wannan ɗabi'ar ta yi yawa a cikinku. Mutum zai kwana yana kallon jadawalin farashi, ya san abin da Bitcoin ya yi da ƙarfe ukun dare, amma ka tambaye shi USDT ɗin da ke walat ɗinsa, kuɗin kirifton nan mai bin darajar dala, a nawa ya shigo hannunsa, sai ya ce "wajen dubu da wani abu". Wane irin "wajen"? Riba ita ce abin da ya rage bayan ka cire uwar kuɗi daga abin da ka sayar. In ba ka san uwar kuɗin ba, duk adadin da ka faɗa kintace ne, ko ga abokin jarinka ka faɗa, ko ga hukumar haraji, ko ga kanka ranar fitar da zakka. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bari in buga misali da alƙaluma, don kada a ce surutu ne. A ce Sani ya sayi USDT 400 a watan Janairun 2023, kowane a kan naira 750, ya biya naira 300,000. A watan Nuwamba na shekarar, bayan naira ta zube, ya ƙara sayen 300 a kan naira 1,150, ya biya 345,000. Yanzu yana da 700 a walat ɗaya, sun cakuɗe, babu tambarin da ke nuna wanne ne na Janairu wanne ne na Nuwamba. A watan Fabrairun 2024 ya sayar da 500 a kan naira 1,500, alat ya shigo na 750,000.

To nawa ya ci? In aka bi ƙa'idar cewa wanda ya fara shigowa shi ya fara fita, 400 na farko sun tafi da uwar kuɗinsu 300,000, sai 100 daga na biyu da uwar kuɗinsu 115,000. Jimla 415,000. Ribarsa 335,000 ke nan, kuma 200 da suka rage suna ɗauke da uwar kuɗi 230,000. In kuwa aka bi matsakaicin farashi, aka raba 645,000 gida 700, kowane ya kama kusan naira 921, uwar kuɗin 500 ta zama kusan 460,700, riba ta dawo kusan 289,300. Ciniki ɗaya ne, amma tazarar ta haura dubu arba'in da biyar, kawai saboda hanyar lissafi. Wanda ya rubuta kwanan wata da farashin kowane saye zai iya fitar da kowace hanya aka nema daga gare shi. Wanda bai rubuta ba, ko ɗaya ba zai iya ba. Abin da ba gaskiya ba shi ne ka riƙa sauya hanya: bana ka ɗauki wadda ta rage maka haraji, gobe da za ka yi wa budurwa burga ka ɗauki wadda ta kumbura ribar.

Na san abin da wasunku za su ce: "Ai dala ce, 500 na saya 500 na sayar, ban ci komai ba." A dala haka ne. Amma da naira ka saya, naira aka turo maka, kuma naira ce ke rubuce a takardar bankinka. Shi ya sa kowane layi sai an rubuta darajarsa a naira ta ranar da aka yi cinikin, ba ta yau ba. Wanda ya tuna yadda canji ya riƙa tsalle daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 ya san mako ɗaya ma yakan sauya lissafi, balle wata goma.

Inda aka fi yin sakaci kuma shi ne musaya. Sani ya ɗauki 200 da suka rage ya canza su zuwa wani kuɗin kirifto mai suna SOL a ranar da USDT ke naira 1,600. Babu alat, babu naira ko ɗaya da ta shiga banki, sai ya ɗauka bai yi ciniki ba. Ya yi. Ya rabu da abin da ya saya 230,000 a kan darajar 320,000, wato riba 90,000, kuma uwar kuɗin SOL ɗinsa yanzu 320,000 ce. Hukumomin haraji na Amurka da Birtaniya a fili suke ɗaukar irin wannan musaya a matsayin sayarwa. Ko babu maganar haraji ma, in bai rubuta wannan layin ba, ranar da zai sayar da SOL ɗin babu inda zai samo uwar kuɗinsa. Kuma ku ba musaya ɗaya kuke yi ba. Mutum ya tashi da USDT, kafin azahar ya koma wani kuɗin kirifton, kafin isha'i ya koma wani mai hoton kare, duk a rana ɗaya, ko layi ɗaya bai rubuta ba. Bayan shekara ya zo yana dafe kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin rubutawar ma ba shi da yawa, wannan ne ke ƙara ba ni haushi. Kwanan wata da lokaci, abin da ya fita daga hannunka da adadinsa, abin da ya shigo da adadinsa, darajar naira a ranar, ladan da manhaja ko hanyar turawa ta cire, sai lambar cinikin, wato TXID ko lambar odar P2P, cinikin mutum da mutum ta manhaja. Ladan nan kada a raina shi, domin na saye yana hawa kan uwar kuɗi, na sayarwa kuma ana cire shi daga abin da aka samu. In daga walat ɗinka ka tura zuwa wani walat ɗinka, ba sayarwa ba ce, amma rubuta, in ba haka ba gobe zai yi kama da kuɗin da ya faɗo daga sama. Masu mainin da suka ƙarar da yatsunsu a kan Notcoin da Hamster Kombat a 2024, ku ma ku rubuta ranar da aka saki kason ku da darajarsa a ranar, ko da bai kai kuɗin datar da kuka ƙona ba. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa. Amma a'a, akwai lokacin ɗaukar hoton riba a liƙa a sitatus, a rufe na asara, a jawo yaran mutane su sayar da wayoyinsu su shiga abin da ba su sani ba. Wannan ma wani ciwon ne na daban, kuma masu yin sa su ji tsoron Allah.

Wani zai ce ai manhaja tana ajiye komai. Tana ajiyewa, muddin tana nan kuma ƙofarta a buɗe take gare ka. Manhajar FTX ta rushe a Nuwamban 2022 da dukiyar jama'a a ciki. Binance ta dakatar da duk hada-hadar naira a Maris ɗin 2024. Layinka zai iya ɓata, a sace waya a cikin adaidaita, a kulle asusu. Sannan manhajar ba ta san nawa ka biya wani a hannu a bakin kasuwa ba kafin ya turo maka, kuma ba ta san uwar kuɗin abin da ka kawo daga wani walat ba. Takardar banki kuwa sunan wani baƙo kawai za ta nuna da adadin kuɗi, ba za ta ce na USDT nawa ba ne. Ku riƙa sauke tarihin cinikinku a fayil ɗin CSV duk ƙarshen wata ku ajiye a wani wuri daban, ku gwada shi da littafin. In ragowar da littafi ya nuna bai yi daidai da abin da ke walat ba, akwai layin da ya tsere, a neme shi tun ana tunawa.

Maganar hukuma kuma ba tatsuniya ba ce. Dokar kuɗi ta 2023 ta sa kadarorin dijital cikin abin da ake biya wa harajin riba, kashi 10 cikin ɗari. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta haɗa irin wannan riba da sauran kuɗin shigar mutum, inda naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji. A kan riba ake magana. Amma jami'in da ya ga 750,000 sun shiga asusun Sani ba zai yi duba ya gano cewa 415,000 uwar kuɗi ce ba, sai Sani ya nuna. Rashin rubutu yana iya sa ka biya fiye da haƙƙinka, yana kuma iya sa ka ɓoye abin da ya hau kanka, ka sa hannu a kan ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin takaici, mu ne muke karanta aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta umarce mu da rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Jarin da wani ya ba ka amana ne a wuyanka, kuma in ka faɗi ka mutu yau magada ba su da abin dubawa. Zakka ma tana bukatar ka san ranar da dukiya ta kai nisabi kafin ka ƙirga shekara.

Iyayenmu a Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi, da yawansu ba su taka ajin boko ba, amma kowane yana da littafi mai baƙin bango a ƙarƙashin tabarma ko cikin akwati, an rubuta da ajami: dila kaza ta shigo ran kaza a kan kaza, kuɗin dako kaza, wane ya karɓi turmi kaza bashi. Yaron shago ba ya tashi da yamma sai an rufe lissafin ranar, ko da magariba ta kawo jiki. Maigida ya rasu, a ɗauko littafin, a biya masu bi, a karɓo na hannun mutane, babu mai ɗaga murya. Yau jikokinsu na riƙe da wayar dubu ɗari biyar, da digiri a jaka, suna juya miliyoyin mutane, amma a ce su faɗi nawa suka saya makon jiya sai a fara rantse-rantse.