Dalilin da ya sa na ce ƙanena ya karɓi dubu 70

Ƙanena ya gama bautar ƙasa da babbar difilomarsa ta lantarki, sai Allah ya buɗe masa ƙofa biyu a wata ɗaya. Wani babban kanti a nan Kano zai ba shi naira dubu 150 ya zauna yana karɓar kuɗi. Wani mai haɗa sola kuma ya ce dubu 70 zai iya, wato daidai mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024. Na ce ya tafi wajen mai sola. Hajiya ta kira ni ta ce, "Kai ne babba, kai za ka hana shi arziki?" Maganar ta tsaya min a rai, amma ban janye ba.

Aikin kanti a mako biyu zai gama koyonsa, bayan shekara uku ma abin da ya sani ke nan. Sola kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagari mutane, kowa nemanta yake, masu haɗawa sun yi yawa amma masu lissafi kaɗan ne.

Watansa na huɗu na same shi a tsakar gida da biro da bayan kwalin taliya. Wani magidanci ne ke ƙorafin batirinsa na mutuwa kafin asuba. Fanka uku yake kunnawa, kowace wat 75, awa takwas na dare, jimla wat-awa 1,800. Batirin mai ruwa ne, bolt 12, amfiya-awa 200, in an ninka su a takarda wat-awa 2,400 ke nan. Amma irin wannan batiri rabinsa kawai ake sha, in ana tatse shi kullum ba ya daɗewa. Ashe 1,200 ne a hannu, ana neman 1,800, ko asarar inbata, na'urar da ke juya wutar batiri zuwa irin ta gida, ba a sa ba. Ya ce, "Yaya, batirin lafiyarsa ƙalau, na biyu ne babu." Wallahi ranar na ji daɗi har cikin raina.

Sai dai ba kowane ƙaramin albashi ne makaranta ba. Akwai ubangidan da zai shekara yana sa yaro ɗaukar farantin sola zuwa saman kwano, ba zai taɓa miƙa masa mitar gwajin wuta ba. Kafin ƙanena ya amsa sai da na je shagon na tambaya: yaran da suka bar nan ina suke? Aka nuna min biyu da shagunansu. Na kuma ga oga yana sa yaro ya zaɓi kaurin waya da kansa, sannan ya gyara masa.

Wanda kuma iyaye ke jiran albashinsa kafin a ɗora tukunya, ba zan ce ya bar dubu 150 ba. Namu ya iya ne saboda a gida yake ci, kuɗin motarsa kuma ni na ɗauka har ƙarshen shekara.