Shafin da bai iya cewa albarka ba

Wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Wunti ya ba ni aikin gina masa shafin intanet a kan naira 250,000, rabi a hannu, rabi in an gama. Da yake an taɓa cinye mini guminna a irin wannan aiki, na ce wannan karon sai an rubuta komai. Na kwana biyu ina haɗa takardar buƙatun aiki, har da labaran masu amfani, wato ka shiga rigar wanda zai buɗe shafin ka faɗi abin da yake so da dalilinsa.

Na farko shi ne: "Ni mai saye ne, ina son in sayi atamfa ta waya, don kada in shiga cunkoson kasuwa." A ƙarƙashinsa na jera sharuɗɗan karɓar aiki, abubuwan da za a gwada a ce ya yi ko bai yi ba. Idan mutum ya zaɓi turmi, ya ga farashi. Idan ya biya, saƙo ya iso wayar Alhaji. Na karanta masa, yana sallamar wata mata yana cewa "madalla", ya sa hannu.

Bayan mako uku na kai aiki, ina taƙama. Alhaji ya karɓi waya, ya danna turmin 18,000, ya yi shiru.

"Yaro, a ina mutum zai taya?"

"Ranka ya daɗe, ai farashin ke nan."

"Wa ya taɓa sayen atamfa a kuɗin da aka fara faɗa? Ni kaina ban yarda da 18,000 ɗin nan ba."

Na zaro takarda, na nuna masa sa hannunsa. Ya ɗora yatsa a kan kalmar "sayi", ya tambaye ni ko a garinmu ana saye babu ciniki. Gaskiyarsa. Labarai 9 na rubuta, duk da bakin mai saye, babu ko ɗaya da ya fara da "ni mai shago ne". Sashen da ake lissafa abin da ba ya cikin aiki kuwa, na bar shi fayau.

A kan bencinsa muka rubuta na 10. Kowane turmi yana da ɓoyayyen farashin ƙarshe. Misali, idan aka taya turmin 18,000 ƙasa da 15,000, shafi ya ce "Albarka". Idan tayi ya kai, ya ce "An sallama". Tayi uku kawai, sannan maɓallin ya rufe, don Alhaji ya ce ya san halin mutanensa.

Na ce wannan sabon aiki ne, 40,000. Ya ce 10,000 da rabin turmi. Na ce albarka. Ya yi dariya ya ce, "Saura mini tayi biyu."