Kwalin jus ɗin da na riƙa aika wa Baffa

Azumin bara na yi wani abu da nake ganin alheri ne. Baffana, ƙanin mahaifina, yana zaune a ƙauyenmu da ke tsakanin Ringim da Taura, kuma shekara huɗu ke nan da aka ce yana da ciwon suga. Mutum ne mai bin doka. Tun ranar da aka gaya masa ya daina zuba sukari a shayi, cokali uku da ya saba, ya kuma rabu da lemon kwalba. Ni kuma ina nan Bristol a Ingila, abin da hannuna zai iya kaiwa shi ne kuɗi. Sai na tura wa ƙanwata da ke Kano na ce ta sayi katan ɗin jus na kwali, ta tabbatar wanda aka rubuta zallar ruwan lemo ne ba a ƙara masa sukari ba, ta ba direba ya kai masa don buɗe baki.

Wajen goma ga wata ya kira ni. "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, abin nan naka akwai daɗi. Sai dai fitsarin dare ya dawo, kuma yaron kemis ya auna ni ya ce sugan ya hau." Na ce, "Baffa, kofi nawa kake sha?" Ya ce kofin silba ɗaya idan an sha ruwa, wani ɗayan bayan asham. Kwali ɗaya dai kwana biyu yake yi masa, wani lokacin ma bai kai ba.

A ranar na ɗauko irin kwalin a firjina na juya bayansa na yi lissafi. Ruwan lemon zaƙi zalla yana ɗauke da sukari kusan giram 9 a kowane mililita 100. Kwalin lita ɗaya giram 90 ke nan. Cokalin shayi ɗaya na sukari kusan giram 4 ne. Rabin kwalin da Baffa yake sha a dare ɗaya ya kai giram 45, wato cokali 11. Mutumin da ya haƙura da cokali uku na shayinsa, ni da kuɗina na mayar masa da goma sha ɗaya, har yana sa mini albarka.

Da na faɗi wannan a zauren hirarmu na 'yan gida, wani yayana ya ce ai ba ɗaya ba ne, wannan sukarin Allah ne, wancan na kamfani. Maganar nan ce nake so na tsaya a kanta, domin ni ma da ita na yi shekaru. Sukarin da mai shayi yake zubawa ba daga ƙarfe aka ƙera shi ba. Ruwan rake ne aka matse, aka tace, aka dafa har ya daskare. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa mazarƙwaila ya ga rabin aikin; kamfani kawai ya ci gaba da tacewa ne har ya yi fari. Sunan wannan sukari a kimiyya sukuros, kuma ƙwayoyi biyu ne a manne: gulukos da furuktos, rabi da rabi. Da ya isa ƙaramin hanji sai wani sinadari ya raba su, kowanne ya shiga jini.

To me ke cikin ruwan lemo? Kusan rabin zaƙinsa sukuros ɗin nan ne dai, sauran rabin kuma gulukos da furuktos ne da suka zo a rabe tun daga bishiya. Hanji ba ya tambayar ƙwayar gulukos daga ina ta fito, ko daga lambun lemo ko daga buhu. Akwai ma shaida mai sauƙi: idan sugan mai ciwon suga ya faɗi ƙasa, yana rawar jiki da zufa, cikin abubuwan da likitoci ke cewa a ba shi nan take akwai ƙaramin kofin jus, daidai da yadda za a jiƙa masa sukari a ruwa. Abin da ake ba mutum don sugansa ya tashi cikin mintuna, shi na mayar wa Baffa abin shan kowane dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba wannan gardama a ƙa'idar da ta fitar a 2015. Ba ta raba sukari gida biyu da na Allah da na kamfani ba. Ta raba shi ne da wanda ke kulle a cikin ɗan itace ko madara, da wanda aka 'yanto. A rukunin 'yantaccen ta sa sukarin da ake zubawa, da zuma, da ruwan 'ya'yan itace. Ta ce kada irin wannan ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 50 ga babban mutum, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Baffa da jus kaɗai ya kusa cinye rabonsa, ba a yi maganar kunu ko zoɓo ba.

Amma in ƙwayar sukarin ɗaya ce, me ya sa ba a hana cin lemon kansa? A nan ne bambancin gaske yake. Lemo matsakaici ɗaya yana da sukari kusan giram 12, kuma sukarin yana cikin 'yan ƙananan jakunkunan nan masu kama da hawaye, an lulluɓe su da fata da farin zare-zare. Sai haƙori ya fasa, ciki ya niƙa, sannan zaƙin ya fito kaɗan-kaɗan. Wannan zare-zaren, da masana abinci ke kira harza, kusan giram 3 ne a lemo ɗaya, kuma shi ke cika ciki. Kofi guda na jus kuwa sai an matse lemo wajen uku, a zubar da tukar, a bar maka zaƙin ukun a ruwan da za ka kwankwaɗe kafin ladan ya gama kiran salla. Wa ya taɓa zama ya cinye lemo shida har da tuka bayan ya sha ruwa? Amma ruwan shida ba ya yi wa kowa wuya.

A wannan gari da nake zaune aka yi wani gwaji da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1977. Mutum goma aka ba tufa ta siga uku, sukarin duk daidai: sukutum, da markaɗaɗɗe, da tataccen ruwansa. Ruwan sun shanye shi cikin sauri ninki goma sha ɗaya a kan cin tufar, bai ƙosar da su kamar ta ba, insulin ɗinsu, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, ya fi tashi, daga baya kuma sugan jininsu ya fi faɗuwa. Markaɗaɗɗen ya tsaya a tsakiya. Wannan ya shafi matanmu da suka koma haɗa kankana da abarba a bilanda lokacin azumi: idan ba a tace ba ya fi, idan aka bi da rariya an zubar da abin da ke taka wa zaƙin birki, idan kuma aka ƙara sukari da madarar gwangwani to lemon kwalba aka haɗa a gida.

Wani abin dariya da sai da na bar gida na lura da shi: mu Hausawa ba ma cin lemo, shan sa muke yi. Mai lemo ya fere ɓawon da wuƙa, ya yanke kan, ka matsa ka tsotse, ka jefa wa akuya sauran. Akuyar ce ke cin harzar. Duk da haka shan lemo irin namu ya fi kwali sauƙi, don kafin ka tsotse biyu hannu da baki sun gaji. Haka rake. Ruwansa sukari ne tsantsa, amma taunar gaɓa uku aiki ne, muƙamuƙi ke yi maka awo. Injin matsa da kwali su suka cire wannan awon.

Kada a ce na mayar da jus da lemon kwalba abu guda. Ba ɗaya ba ne. Ruwan lemo yana da bitamin C da fotasiyam da folet, lemon kwalba ba shi da komai sai zaƙi da gas, kuma sukarinsa ya ɗan fi yawa, kola tana kai giram 10 da ɗoriya a mililita 100. In dole sai ɗaya, jus zan zaɓa. Abin da na ƙi shi ne a ce bitamin ɗin yana wanke sukarin. Lemo ɗaya da aka ci ya kusa biya wa mutum buƙatar bitamin C ta yini, ba tare da cokali goma sha ɗaya ba.

Turawan nan ma ba su gama daidaita bakinsu ba. Hukumar lafiyarsu ta ce kada jus ya wuce mililita 150 a rana, kuma a sha shi tare da abinci saboda haƙori, tunda zaƙi da tsami ne suka haɗu. Amma harajin da suka sa wa lemuka masu sukari a 2018 bai taɓa zallar jus ba, shi ya sa a kanti yake zaune da rigar mutunci. Bambancinmu da su shi ne a nan jus abin karin kumallo ne mai araha, kuma likitan haƙori yana yi wa iyaye faɗa a kansa. Ni ma an yi mini a kan 'yata. A gida kuwa abin girmamawa ne. Shi ake kai wa mara lafiya a asibiti, shi ake kai wa mai jego, har a zuba wa yaron goye a bulumboti, alhali likitocin yara na Amurka tun 2017 suka ce kada a ba jaririn da bai shekara ba. Ga shi da yawa daga kwalayen da ke shagunanmu ba zalla ba ne, ruwa ne da sukari da ɗan ruwan 'ya'yan itace, hoton lemon ne kawai babba. Mai saye ya juya bayan kwalin ya nemi layin sukari a mililita 100, ya ninka sau goma in lita ce, ya raba da huɗu, zai ga cokulan.

Na sake kiran Baffa na ce ya ajiye sauran katan ɗin, ya bar kwali ɗaya a kusa saboda ranar da suga ya faɗi, ya kuma koma asibiti a duba maganinsa da yadda zai riƙa sha a azumi. Na ce lemo ɗaya ya isa, a ɓare shi a ci har da farin, bayan abinci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗan nan, ni da haƙora shida suka rage mini, wa zai tauna mini tukar?" Yanzu jikarsa ce ke ɓare masa, ta yanyanka ƙanana a faranti. Katan ɗin kuwa an ce yaran gidan sun ga bayansa ranar salla.